Manhajar da ke gane hoto za ta zana min aikin wuya?

Tambaya: Ni tela ne a Marwa. Wani yaro ya nuna min manhajar da ke faɗin abin da ke cikin hoton riga idan an ɗauka, ya ce in biya sefa 5000 a wata. Ni kuwa sabon aikin wuya nake so in riƙa nuna wa masu kawo ɗinki kafin sallah. In biya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da aka nuna maka mai karanta hoto ne, kai kuma mai zanawa kake buƙata.

Mai karantawa hoto ake ba shi, ya mayar da magana. An horar da shi da ɗimbin hotuna, kowanne da bayaninsa, har ya iya cewa wannan babbar riga ce, shuɗiya, da aiki a ƙirji. Wani, irin Google Lens, yakan kawo maka hotuna masu kama da naka, amma duk ɗinkin wasu ne da ke intanet tun da daɗewa. Ba ya ƙago ko layi ɗaya.

Mai zanawa magana ake ba shi, ya fitar da hoto. Irin su Stable Diffusion, wanda ya fito a 2022, suna farawa ne da dishi-dishi zalla, kamar talabijin da ta rasa tasha. Sai su riƙa share shi kaɗan-kaɗan, yawanci sau 20 zuwa 50, kowane mataki yana bin bayanin da ka rubuta, har siffa ta bayyana. Da yake dishi-dishin farko yana canzawa, bayani ɗaya yakan haifi hotuna daban-daban.

Ga gwajin da za ka yi a gaban yaron. Kada ka ɗauki hoton komai. Rubuta "farar shadda da aikin wuya na zare ruwan zinare", da Faransanci in ya yiwu, don manhajojin sun fi jin sa a kan Hausa. In manhajar ta dage sai ka sa hoto, ko ta kawo hotunan shaguna da farashi, mai karantawa ce. In ta zana, sake tura bayanin. Ya kamata riga ta biyu ta bambanta da ta farko.

Ko ka samu mai zanawar, buɗe ido sosai, domin bai san allura da zare ba. Ƙara girman hoton ka dubi wuyan: sau da yawa zanen da ya kamata ya maimaitu yakan karkace, zare ya taso ya ɓace a tsakiya, aljihu ya fito inda ba wurinsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne mai kawo ɗinki ya zaɓi aikin da kekenka ba zai iya fitarwa ba, ku yi ta rigima ana gobe sallah. Kwafe zanen a takarda da hannunka, ka gyara shi, sannan ka nuna. Kuma ka tambayi hoto nawa kuɗin wata ke ba ka, don yawancinsu ƙirga hotuna suke yi, har da waɗanda suka lalace.