Likita ya amsa: kafso don mura, da ajiye magani kafin wa'adinsa

Likita, yarona mai shekara 6 yana mura da tari, na sayo masa amoksisilin a kemis, kwana uku ba canji. In ƙara masa wani? (Wata uwa daga Zariya)

Malama, kada ki ƙara masa komai tukuna. Mura irin wadda muka saba gani bairas ce ke kawo ta, shi kuwa amoksisilin bakteriya yake kashewa. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana da bangon da ya lulluɓe ta, kuma wannan bangon amoksisilin ke hana ta ginawa har ta fashe. Bairas ba ta da wannan bango. Cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum take kutsawa ta hayayyafa, don haka maganin bai da abin da zai kama. Ladan da yaro zai iya samu shi ne gudawa ko ƙuraje.

Bairas tana da nata magungunan, amma kowanne da cutarsa, kuma aikinsu hana ta hayayyafa ne: asaiklobir, alal misali, na ƙarambau da danginsa ne. Mura ba ta da irin wannan magani. Tana lafawa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, tarin kan ɗan jima. Ki ba shi ruwa sosai da farasitamol daidai nauyinsa. In numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ki kai shi asibiti a ranar, a duba nimoniya da maleriya.

Wata biyu ina shan maganin tarin fuka. Tari ya tsaya, har na yi ƙiba. Zan iya dainawa? (Wani direba daga Gusau)

Malam, don Allah kada ka daina. Wannan gaɓar ce ta fi tayar mana da hankali, domin a nan muke rasa mutane.

Maganin wata 6 ne. A wata biyun farko ana haɗa magani huɗu: rifampisin, isoniyazid, pirazinamid da etambutol. Su ne suka karkashe ƙwayoyin da ke hayayyafa da sauri, shi ya sa tari da gumin dare suka tafi, abinci ya soma shiga. Amma akwai wasu da suka lafe a huhu, suna motsi kaɗan-kaɗan, magani bai cika samunsu ba sai lokacin da suka farka. Saboda su ne ake ci gaba da rifampisin da isoniyazid har wata huɗu. Wanda ya tsaya yanzu kamar manomin da ya sassabe ciyawa ne ya bar saiwarta a ƙasa.

Bayan wasu watanni tarin kan dawo, mutum ya koma harba wa iyalinsa da fasinjojinsa. Mafi muni shi ne sha yau a bari gobe, ko zaɓen wasu magungunan a bar wasu, domin hakan ke bai wa ƙwayoyin cuta masu taurin kai damar rayuwa su yaɗu. Idan cutar ta bijire wa rifampisin da isoniyazid, sai an koma wasu magunguna masu wuyar sha, da gwaje-gwaje akai-akai.

Ka koma a gwada kakinka a ƙarshen wata na biyu kamar yadda tsari ya tanada. In doguwar tafiya ta kama ka, ka sanar da ma'aikatan tun da wuri su ba ka na guzuri. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Fitsari ya yi ja-ja kada ya firgita ka, aikin rifampisin ne. Amma in idonka ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe, ka dakata da shan maganin ka je asibiti a ranar. Haka dokar take ga kowane antibayotik, wato maganin kashe bakteriya: likitan da ya rubuta kwanakin shi ke rage su, kuma kumburin fuska ko shaƙewar numfashi dalili ne na tsayawa nan take.

Gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jinina. Sai in ajiye tenofobir? (Wata malamar makaranta daga Maradi)

A'a, Hajiya. Tenofobir danne bairas ɗin yake yi, bai fitar da ita daga hanta ba. Sakamakon da kika gani shaida ce cewa maganin na aiki. Idan aka yanke shi kwatsam, ƙwayar kan taso cikin makonni ko watanni, hanta ta kumbura, wani lokaci har ta gaza, musamman ga wadda hantarta ta riga ta yi tabo. Mafi yawan masu shansa na shekaru ne, wasu har ƙarshen rayuwa. Ki riƙa karɓo sabon kwalin tun saura mako ɗaya na hannunki ya ƙare, kuma a riƙa duba miki ƙoda, domin maganin kan taɓa ta.