Rodin da ya zaro da gam ɗinsa

*Maigida, jiya na dasa rodi huɗu masu zare, M12, a filar kankare don ƙarfen da zai riƙe rumfar motoci. Yau da na zo ɗaure noti, ɗaya ya biyo ni waje da gam ɗin a jikinsa, ya bushe tsaf kamar kara. Ko jabun kemikal aka sayar mana?*

Sani, ɗauko rodin nan ka shafa gam ɗin da ke jikinsa da yatsa. Idan ka ga farin gari kamar toka ya manne maka a hannu, to bar zargin mai shago. Gam ɗin da ya sandare, ya kama zaren rodi har guduma ba ta ɓamɓare shi da sauƙi, ya yi aikinsa. Wurin da bai kama ba shi ne bangon ramin, kuma abin da ya shiga tsakaninsu ƙurar hudar da ka bari a ciki ce.

Kusar da muka saba, mai buɗe baki idan an ɗaure ta, da tokare kankare take riƙewa. Wannan kuwa ba ta tokare komai. Duk ƙarfinta yana cikin ɗan siririn gam da ke tsakanin rodi da bango, milimita ɗaya kacal ta kowane gefe, tunda rodin M12, wato mai kaurin milimita 12, ramin milimita 14 ake huda masa. Gam ɗin yana shiga kaushin da bakin huda ya bari a bango ya sandare a ciki. Idan gari ya lulluɓe wannan kaushin, kamar ka barbaɗa fulawa a faranti ne kafin ka ɗora ƙullin alkaki: ƙullin ba zai taɓa kama farantin ba. Ramin da ba a share ba yana iya rasa rabin ƙarfinsa, wani lokaci fiye.

Yi lissafin da kanka. Zurfin da aka saba ba M12 shi ne milimita 110. Fatar da gam yake riƙewa ita ce kewayen rodi sau zurfi, wato 3.14 × 12 × 110, kusan murabba'in milimita 4,150. A ce kowane murabba'in milimita yana riƙe niyuton 10, wato kusan nauyin kilo ɗaya, wanda bai wuce abin da gam mai kyau ke bayarwa a lafiyayyen kankare ba, ka samu abin da ya kai tan huɗu kafin ya saki. Ba tan huɗu ake ɗora masa ba, takardar kamfanin ce ke faɗin nauyin da aka yarda, kuma yana ƙasa da haka sosai. Amma duba: rodin da ya kamata ya yi gardama da tan huɗu, sifana a hannunka ta zaro shi. Na san abin da ka yi, domin ni ma na yi shi ina yaro. Ka kai baki ka hura sau ɗaya, ƙura ta buɗe maka ido, ka ce ya isa.

Hurawa kaɗai tana fitar da garin da ke kwance ne. Wanda zafin huda ya shafe a bango sai burushi. Ka sa bututun famfon hura iska har ƙarshen ramin, ka hura kana janyowa, sau biyu aƙalla, har iskar ta fito ba ƙura. Sai burushin waya mai ɗan fin ramin kauri, ka tura shi har ƙarshe kana murzawa, ka zaro, sau biyu. Sai ka sake hurawa sau biyu. Wasu kamfanonin sau huɗu-huɗu suka rubuta a jikin kwalinsu, to bi nasu. Burushin da ya shige ramin salin-alin ba tare da ka ji yana gogar bango ba ya cinye, jefar da shi. Idan da kwamfuresa za ka hura, tabbatar ba mai tofin mai ba ce, domin mai ya fi ƙura ɓarna. Ni nakan gwada da tsinke mai ƙyallen baƙin yadi a kai. Ya fito da fari, a sake.

Kafin gam ya shiga ramin, matse na farko a kan kwali. Kemikal biyu ne a cikin robar gam ɗin, kuma a cikin dogon bakin nan mai murɗaɗɗen ciki suke haɗuwa. Matsi biyu ko uku na farko ba su gauraya ba, za ka ga launinsu roɗi-roɗi. Sai launi ya zama ɗaya. Wanda ya yi rowar wannan ɗan abin ya zuba shi a rami, gobe zai tarar da gam mai danƙo kamar cingam a gindin rodi.

Sai ka kai bakin har ƙarshen rami, kana matsawa kana ja da baya a hankali, har kashi biyu cikin uku su cika. A ramin 14 mai zurfin 110 bai fi mililita 11 ko 12 ba. Idan daga baki ka tura, ka kulle iska a ciki. Rodin ya zama a goge, ba mai ba tsatsa, ka sa masa alamar zurfi da tef tun farko. Tura shi kana murzawa sannu har alamar ta kai. Dole gam ya ɗan tumbatso ta kewayen baki. Bai tumbatso ba, bai isa ba, zare ka sake zubawa tun bai kama ba.

Nan zafinmu ke shigowa. Jadawalin lokacin kamawa da ke jikin robar da zafin kankare yake magana, ba na inuwar da kake tsaye ba, kuma filar da ta sha ranar Afrilu tun safe tana ƙona tafin hannu. A irin wannan zafin, gam mai saurin kamawa, irin su binilesta, minti biyu zuwa huɗu zai ba ka kafin ya fara daskarewa. Don haka rami ɗaya, rodi ɗaya. Kada ka cika huɗun sannan ka koma neman rodi. Idan ka tsaya shan ruwa, canza bakin, domin gam ya daskare a cikinsa. Gam ɗin efoksi ya fi haƙuri wajen sakawa, amma sa'o'i yake so kafin a taɓa shi. Robar kuma a inuwa take zama, ba a bayan a-kori-kura ba. Ni aikin irin wannan da sassafe nake yinsa.

Ragowar ukun nan da kake ganin sun tsaya, hannu ɗaya ya share su, don haka ban yarda da su ba. Rumfa ba a hankali take jan rodi ba. Iskar farkon damina idan ta shiga ƙarƙashin kwano fizga take yi, kuma rodin sama su ke sha. Yanke su, cike ramin da ya zaro, mu matsar da farantin ƙarfen mu huda sababbi. Nesa da gefen fila da aƙalla milimita 60, gwamma ma fiye, kuma a bar kankare milimita 30 a bayan ƙarshen rami. Idan bakin huda ya ci karo da rodin cikin fila, kada ka yanke shi, matsa. Ka tambayi mai ginin yaushe aka zuba filar. Idan ba ta kai kwana 21 ba, jira za mu yi, ni ma na fi son 28.

Lokacin bushewa ya cika, a sa washa da noti a ɗaure da sifana mai awo. M12 wajen niyuton-mita 40 a awon sifanar ake kai shi, kada ka ƙara mata bututu kana hawa da ƙafa. Gobe bayan asuba ka zo da famfon da sabon burushi mai lamba 14, ramin farko ni zan tsaya a kanka ka share.