Dodon kunne ya fashe, likita bai ba da magani ba

"Anti salamu alaikum, don Allah taimako nake nema. Shekaranjiya ina sosa kunnena na hagu da kotin bod yarona ya faɗo kan gwiwar hannuna, abin ya shige ciki, na ji wani irin zafi har jini ya ɗan fito. Na je asibiti likita ya leƙa ya ce dodon kunnen ne ya fashe, amma bai ba ni komai ba sai maganin ciwo, ya ce kar na bari ruwa ya shiga, na dawo bayan sati 6. To haka zan zauna ba magani? Kuma ya zan yi da wanka da wankin kai?"

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonki tun ɗazu ina bakin aiki ne, na ce bari in yi miki murya kawai don abin da yawa ba zai rubutu ba, wanda ya ga dama a gurup ɗin sai ya saurara shi ma.

Toh da farko ki kwantar da hankalinki, abin da likitan nan ya yi daidai ne, ba wai ya yi miki riƙon sakainar kashi ba ne. Dodon kunne wata 'yar fata ce siririya can ƙarshen ramin kunne, faɗinta kamar santimita 1 ne kacal, kaurinta kuwa wajen kashi 1 cikin 10 na milimita, kinga ai ba wani abin kirki ba ne. A miƙe take kamar fatar ganga, sauti ya zo ya buge ta sai ta girgiza, ta miƙa wa wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke bayanta, su kuma su kai can ciki. Wannan aikinta na ɗaya kenan, shi ya sa yanzu kike jin kunnen kamar an toshe, ko kina jin wani shuuu a ciki. Aikinta na biyu wanda shi ne ya shafe mu yau, ita ce ƙofar da ta raba waje da tsakiyar kunne. Tsakiyar nan iska ce kawai a cikinsa, a bushe yake, babu abin da ke shiga daga waje. Yanzu da ƙofar ta huje, duk ruwan da ya gangara ramin kunnenki zai iya wucewa kai tsaye har ciki, kuma ruwan wanka ba shi kaɗai yake shiga ba, yana tafe da sabulu da dattin jiki da ƙwayoyin cuta. Da zarar sun zauna sai wurin ya kama ruwa, ya fara fitar da mugunya, kuma huji ba ya rufewa matuƙar mugunya na bi ta cikinsa. Mafi yawan waɗanda nake gani kunnensu ya daɗe yana zubar ruwa, wata da watanni, idan kin bi labarin za ki tarar ƙaramin huji ne da zai warke da kansa aka bari ya jiƙe, ko aka ɗiga masa wani abu.

Irin naki na tsokana da kotin bod ko tsinken ashana ko kan makulli muna ganinsa sosai. Akwai na mari, idan tafin hannu ya rufe kunnen gaba ɗaya iskar ce take matsewa ta fasa fatar, akwai na ƙara mai tsanani kamar fashewar wani abu a kusa, da na nutso cikin ruwa mai zurfi. Na yara kuma yawanci daga ciki ne, mura ta bi ta wata 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne, mugunya ta taru ta yi ta turo fatar, yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓi, da safe a ga ruwa a kan filo kuma kukan ya tsaya, uwa ta ce alhamdulillahi ya warke, alhali fashewa ya yi, matsin ne ya sauka. Wannan kam a kai shi asibiti don shi sau da yawa yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba kamar naki ba da yake rauni ne mai tsabta.

Yadda yake warkewa kuwa, daga gefe-gefen hujin ne fatar take tsirowa a hankali tana matsowa tsakiya har ta haɗe. Ƙaramin huji sati 2 zuwa 4 ya rufe, babba yana kai wata 2, kuma mafi yawan irin na rauni suna rufewa da kansu kafin wata 3. Yawanci fatar nan ba ta buƙatar ƙwaya ko maganin ɗigawa kafin ta tsiro, shi ya sa ba a rubuta miki ba. Ɗan busasshen jinin da ya taru a wurin ma ki bar shi, kar ki ce sai kin kwakulo shi, a ƙarƙashinsa sabuwar fatar take tafiya kuma da kansa zai fito waje.

Yanzu maganar wanka, nan nake so ki saurara da kyau. Ki samu auduga mai tsabta irin ta asibiti da basilin, farin nan wanda ba turare a ciki. Ki wanke hannu, ki tsinko audugar ki mulmula ta ta kai girman kan babban yatsanki, da gangan nake cewa babba, don ƙarama za ta iya zurmawa ciki ki zo kina neman abin ciro ta. Sai ki shafe ta da basilin ko'ina har ta daina yin fari-fari ta koma tana ƙyalli. Ki ɗora ta a ɗan kwarmin nan na bakin kunne, ki danna a hankali ta rufe bakin ramin, ba cusawa za ki yi ba, sannan ki ƙara shafa basilin kaɗan a samanta da kewayenta. Dalilin basilin ɗin shi ne busasshiyar auduga shan ruwa take yi, ta jiƙe ta riƙa tsiyayar da shi ciki, wato gara ma ba ki sa komai ba, amma mai maiƙo ruwa zamewa yake a kanta. Ko da kin sa ɗin ma kar ki sakar wa kanki shawa ko ki juye ruwa daga tsakiyar ka, ki yi wanka daga wuya zuwa ƙasa, fuska ki wanke ta da hannu. Kina gamawa ki fara goge gashi da bayan kunne da tawul tukuna, sannan ki cire audugar ki yar, kowane wanka sabuwa. Kuma kar ki yini da ita a kunne, mutane suna wannan kuskuren sosai, suna ganin kamar kariya ce, alhali gumi ne yake taruwa wurin ya yi ɗumi da laima, abin da ƙwayoyin cuta suke so kenan. Kunnen yana son iska.

Wankin kai in da hali ki rage shi a waɗannan satittikan, in ya zama dole ki samu mai taimaka miki. Ki sa audugar, ki zauna ki kwantar da kai baya, ki ɗan karkata yadda kunnen hagun zai kasance a sama ruwan yana gangarawa ta ɗaya gefen, ki kifa ƙaramin kofi a kan kunnen ki riƙe da hannunki, ita kuma tana zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Iyo kuwa babu shi kwata-kwata sai likita ya leƙa ya ce ya rufe, ba sai ke kin ji kamar kin warke ba, don ciwon yana tafiya cikin 'yan kwanaki tun hujin yana nan.

In aka yi rashin sa'a ruwa ya shiga, za ki sani, don yakan yi zafi ko ki ji jiri na ɗan lokaci, wasu har ɗanɗanonsa suke ji a maƙogwaro. Kar ki firgita, ki karkatar da kunnen ƙasa kan tawul ya tsiyaye, ki goge waje kawai, sai ki sa ido kwana 2 zuwa 3 ki ga ko zai fara ciwo ko fitar da ruwa.

Sai abin da ya fi damuna wallahi, maganar ɗige-ɗige. Za a zo miki da shawarwari, wannan ya ce man zaitun, wancan ya ce ga ragowar maganin kunne da ya yi wa ɗansa aiki. Don Allah kar ki sa komai. Akwai magungunan ɗigawa masu jentamaisin ko niyomaisin a ciki, idan dodon kunne lafiya lau yake suna tsayawa a waje, amma idan akwai huji suna iya kaiwa can cikin kunne inda jijiyar ji take su yi mata lahani, kuma irin wannan rashin jin ba ya dawowa. Idan ma ya kama sai an ɗiga, likita ya san waɗanda ake ba mai huji, irin su sifurofuloksasin da ofuloksasin, shi zai zaɓa bayan ya leƙa. Haka wankin kunne da sirinji, duk wanda ya ce zai wanke miki ki faɗa masa dodon kunnenki a fashe yake. Don ciwo farasitamol ya isa, babba na shan ƙwaya 2 ta miligiram 500 duk bayan awa 6, kar ya wuce 8 a yini, ko ki ɗora tsumma mai ɗumi busasshe a wajen kunnen.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba, fyace majina da ƙarfi. Hanyar nan da na ce ta haɗa hanci da kunne, idan kin toshe hanci kin hura iskar tana bi ta nan ta tura sabuwar fatar da take ƙoƙarin haɗewa, wasu har fito suke ji yana fita ta kunnen. Ki riƙa goge hancin kawai, in atishawa ta zo ki buɗe baki ki yi ta, kar ki danne.

Ba kuma sai kin jira sati 6 ɗin ba idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwa mai kauri rawaya ko kore ko mai wari, ciwon ya dawo bayan ya lafa, zazzaɓi, kumburi a ƙashin bayan kunne, wannan ki koma a ranar. Wanda ya fi gaggawa kuma musamman ga irin naki da abu ya shiga da ƙarfi, shi ne jiri mai tsanani kamar ɗakin yana juyawa har da amai, ko kunnen ya daina ji gaba ɗaya, ko gefen fuska ya saki, don yana iya nuna abin ya wuce fatar ya taɓa ƙasusuwan nan ko can ciki, wannan ko dare ne ki tafi.

Ranar komawa ki je ko da kin ji garau, a leƙa a tabbatar, in jin bai dawo daidai ba ki ce a yi miki gwajin ji. Idan an kai wata 3 bai rufe ba sai a tura ki wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wani lokacin 'yar takarda ta musamman suke liƙawa a kan hujin fatar ta bi ta kai, in babba ne kuma a yi ƙaramin aiki a ɗauko 'yar fatar da ke lulluɓe da tsokar saman kunnenki a toshe da ita, kuma yawanci yana yin kyau. Har zuwa lokacin dai audugar nan da basilin kowane wanka. Kotin bod ɗin kuma ki kwashe su daga inda yaron zai kai hannu, don ya ga kina yi shi ma zai gwada. Ki turo min saƙo bayan kwana 3 in ji ko akwai wani abu da yake fita daga kunnen.