Janbakin da ya yi wa ƙanwarki kyau, me yasa ke yake miki toka-toka?

Tambaya daga Garwa: Adda salamu alaikum. Bikin yayanmu ya matso, mu uku ne za mu haɗa kuɗi mu sayi kayan kwalliya, sefa 10,000 muke da ita. Ni baƙa ce sosai, ƙanwata wankan tarwaɗa, 'yar kawunmu kuma fara ce tas. Akwai wani janbaki ruwan hoda mai haske da suke sawa ya musu kyau, ni in na sa sai bakina ya yi fari kamar na tashi daga ciwo. Dan Allah wane kala za mu saya da zai yi mana duka?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a yi biki lafiya. Toh kinga kalar da kike gani a jikin sandar janbaki ba ita ce za ta fito a bakinki ba, domin leɓenki ma yana da tasa kalar, su biyun ne suke haɗuwa su ba da abin da mutane za su gani. Ire-iren ruwan hodar nan masu haske, da waɗanda masu butik suke ce wa nud, ana zuba musu farin sinadari da yawa don su yi haske, in kin duba jikin kwalin za ki ga an rubuta CI 77891, to wannan farin ne. A leɓen mace fara ba ya nuna kansa saboda fatar da ke kewaye ma mai haske ce, amma a kan baƙar fata farin ne yake fara tsalle ya fito kafin jan, shi yasa kika ga bakinki ya yi kamar an shafa toka. Laifin ba na bakinki bane sam, tun farko ba da fatarki aka auna kalar ba. Sai dai kar ki tsaya kan lambar kaɗai, kamfanoni da yawa suna jera lambobin duk kalolinsu a kwali ɗaya, gwaji shi ne zai raba gardama.

Kuma akwai abin da mu baƙaƙe da yawa muke da shi, leɓen sama ya fi duhu, na ƙasa tsakiyarsa ja-ja gefensa baƙi. In janbakin mai ruwa-ruwa ne wanda ake hango leɓe ta cikinsa, sai ki ga sama kala daban ƙasa kala daban, ke kuma ki yi ta ƙara shafawa yana ta taruwa a lungun baki. Maganin wannan shi ne kirayon, wato fensirin zagaye leɓe, mai ruwan ƙasa mai duhu, wanda ya yi daidai da gefen leɓenki ko ya ɗan fi shi duhu kaɗan. Ki zagaye bakin da shi, ki ɗan cike kusurwa biyun, ki murza da yatsa zuwa ciki har layin ya daina nuna kansa, sannan ki ɗora janbakin a tsakiya ki haɗe leɓe. Wallahi ko ruwan hodar nan da ta ba ki haushi in kin mata haka kika sa ɗan kaɗan a tsakiya kawai za ta zauna. Amma ba baƙin kirayon na ido ba dan Allah, ina ganin 'yan mata suna yi, yana haɗuwa da janbakin ya koma wani dauɗa-dauɗa, in kin ci abinci kuma jan ya tafi ya bar miki baƙin zobe.

Yanzu maganar abin da za ku saya. In ni ce ba zan raba kuɗin uku kowa ta ɗauko nata mai araha ba. Janbaki ɗaya mai kyau zan fara nema, ja mai duhu wanda ya karkata wajen shunayya, kalar folere, wato zoɓo, in an jiƙa shi ya yi kauri. Wannan kalar ita ce na sani tana karɓar ku duka ukun, sai dai kowa da yadda za ta sa. Ke ki shafa shi cikakke sau biyu, ki danna da tishu tsakanin na farko da na biyu, a fatarki zai fito ja mai nutsuwa ba zai yi ihu ba. Ƙanwarki shafa ɗaya ya ishe ta. 'Yar kawunku kuwa a kanta zai yi duhu sosai fiye da yadda yake a sanda, don haka ta ɗiba da yatsa ta ɗan daddanna, in ba da dare ba ne wajen dina da take son ya fito da ƙarfi. Bayan shi sai kirayon ɗin da na faɗa, wannan naki ne, sai man leɓe mai sheƙi marar kala, abin da ya rage ku haɗa a kayan kwalliyar ido.

Ƙanwarki ce ma nake so ki lura da ita, don wankan tarwaɗa ba iri ɗaya bane. Akwai wadda fatarta take da ja-ja a ƙasa, akwai wadda tata take ɗaukar rawaya har da ɗan kore-kore, irin da ake yawan gani a wajen 'yan uwanmu Shuwa da wasu Fulani, Kusseri da Njamena cike suke da su. Mai wannan fatar in ta sa ruwan goro mai haske sai fuskar ta ƙara rawaya kamar marar jini, amma makuba da jan bulo da ruwan ƙasa mai ɗan ja suna tashinta. Zancen duba jijiyar hannu da ake ta yaɗawa, wai kore ce ko shuɗiya, mu baƙaƙe ba ya mana aiki don jijiyar ma ba ta fitowa. Ku ɗauko gyale biyu, ɗaya ruwan goro ɗaya shunayya, ku tsaya a inuwa da rana kowa ta kara a ƙarƙashin haɓa. Wanda ya sa fuska ta washe, idanu suka yi haske, ɓangarensa za ki bi wajen zaɓen kala. Ke ma ki yi, in ruwan goron ne ya karɓe ki to jan bulo zai miki kyau ƙwarai, ki sa shi a lissafin gaba.

In kun je kasuwa kar ki gwada a cikin hannu wajen agogo, wurin ya fi fuskarki haske kuma ba kalar leɓe bane. Ki shafa a kan tsokar yatsa, ita ta fi kusa da leɓe, ki fito daga rumfar ki ɗaga yatsan kusa da baki ki duba madubi a hasken rana, fitilar cikin shago tana ƙarya. Ki shinshina kuma, in yana warin tsohon mai ki ajiye, zafin watan Maris da Afrilu na Garwa ba ya barin kayan da suka daɗe a kan tebur. Kuma tunda ku uku ne a kan sanda ɗaya, kar kowa ta kai baki kai tsaye, ku yanko da tsinke mai tsabta kowa ta shafa da yatsanta, ƙurajen nan masu ruwa da suke fitowa a gefen baki ta haka ake ɗaukarsu.

Tambaya daga Marwa: Adda na sayi falet na kwalliyar ido mai kala 12, in na shafa ko dai ba a ganin komai ko ya yi kamar alli. Jabu aka sayar min?

Ba lallai jabu bane 'yar uwa. Buɗe shi ki ƙirga kala nawa ne suka fi fatarki haske kuma ba su da ƙyalli, na tabbata sun kai rabi, ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske da makamantansu. Waɗannan an yi su ne don farar mace ta yi inuwa a lungun ido, a kanta sun fi fata duhu sai su ba da zurfi. A kanki kuwa wanda ya yi daidai da fatarki ɓacewa zai yi, wanda ya fi ta haske ya zauna kamar alli. Kenan ke abin da za ki nema a falet shi ne aƙalla kala ɗaya marar ƙyalli da ta fi fatarki duhu, da ɗaya mai ɗumi kamar jan bulo ko ruwan goro mai duhu, sai masu ƙyalli.

Masu ƙyallin nan su ne rabonmu wallahi. Su haske suke mayarwa, ba ruwansu da duhun fatar da ke ƙasa, shi yasa ruwan gwal da tagulla da kore mai duhu da shuɗi mai ƙarfi suke fitowa a idon baƙar mace fiye da kowa, fara in ta sa irin adadin da za ki sa sai ya mata yawa. Azurfa ce kawai nake cewa a yi hankali, ɗigo a kusurwar ido ta wajen hanci ya isa, in ta cika fatar ido tana komawa toka. Mai fata rawaya-rawaya ita ma azurfa da shuɗi mai haske suna sa ta kamar ba ta yi barci ba, tagulla da shunayya mai duhu sun fi mata.

Wanda kike da shi ma kar ki yar. Fatar ido tana da maiƙo kuma sau da yawa ta fi sauran fuska duhu, to ki goge ta, ki ɗiga konsila, wato man ɓoye tabon fuska, wadda ta ɗan fi fatarki haske, siriri sosai, kar ki bi ta da hoda a inda kike son kala ta fito. Jan bulon ki fara sawa a lungun ido ki baza da buroshi, mai duhun a gefen waje, sannan mai ƙyallin ki ɗiba da yatsa ki danna a tsakiya, dannawa ba gogawa ba, gogawa ce take zubar da shi a kumatu. In har kin yi haka kalar ba ta kama ba, kuma ko a yatsa kin murza kin ga gari ne kawai yake tashi, to nan kam kayan ne ba su da kyau.

Kwalli kuma tunda duk muna sawa, na dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa yawancinsa akwai dalma a ciki, ni dai na fi son ki yi amfani da kirayon na ido, jarirai kuma a daina sa musu gaba ɗaya. Kirayon ɗin ma kowa da nata, ranar biki kar a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, haka apolo yake zagaye gida.