Ya rubuta mini takardar shaida, yaya zan gode masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Daura, ina neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje. Wani abokin aikina da ya girme ni ya rubuta mini takardar shaida, jiya ya ce ya tura. Saƙon WhatsApp ya isa godiya? Ina kuma tunanin in sa masa ɗan kuɗin mai, in tambaye shi abin da ya rubuta a kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka tura saƙon yau, kada ka jira sakamako ya fito. Amma kafin ka rubuta, shiga shafin da ka cike takardun ka duba. Yawancin masu ba da tallafi suna aika wa mai shaida hanyar ɗora takarda ta imel ɗinsa, in ta shiga sai ka ga an rubuta Submitted ko Received a gaban sunansa. Yakan faru mutum ya danna tura, sabis ya yanke, shi kuwa ya tashi da yaƙinin ya gama. In kwana ya kewayo kana ganin Pending, ka yi godiyarka, sannan ka ƙara da cewa a wurinka ba ta nuna ba tukuna, ko matsalar sabis ce. Ka ga an gyara ba tare da ya ji kana tuhumarsa ba.

Saƙon kansa gajere ne. Ga irin wanda zan so ka tura:

"Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka. Na duba na ga takardar ta shiga. Na san a tsakiyar makin jarrabawa ka zauna ka rubuta, ga lokaci ya ƙure. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya raya zuri'a. Sun ce cikin watan Afrilu za su sanar da waɗanda suka kira ganawa, kuma suna iya tuntuɓarka ta imel ko waya don tabbatarwa. Duk yadda ta kasance zan sanar da kai."

Watan da na sa misali ne, ka sa wanda suka faɗa maka. Ka lura an ambaci wahalar da ya sha da sunanta. "Na gode da komai" kowa na iya tura wa kowa, amma in ka tuna masa tulin takardun ɗalibai da ya ture gefe saboda kai, ya san ka gani.

Jimlar tabbatarwar nan ita ce wadda mutane suka fi mantawa, kuma ita ta fi yi maka amfani. Wasu hukumomin suna komawa ga mai shaida su tambaya ko da gaske shi ya rubuta. Imel ɗin kan faɗa cikin Spam, kira kuma ya zo da baƙuwar lamba ta ƙasar waje, Malam ya ɗauka 'yan damfara ne ya ƙi ɗagawa. In ka gaya masa sunan hukumar da lokacin da ake sa ran za su neme shi, zai sa ido.

Kuɗi kam, ina roƙonka ka bari. Shaida ya bayar a kan halinka da aikinka, ya sa hannu da sunansa. Ranar da alat ya shigo masa daga gare ka, ka mai da shaidar tamkar abin da aka saya, kuma dattijo mai mutunci zai ji nauyi: ya karɓa bai ji daɗi ba, ya mayar ya kunyata ka. Katin waya ma haka. In Allah Ya sa ka tafi, tsarabar dawowa, turare ko littafi, ba ta da wannan matsalar, domin a lokacin an riga an yanke hukunci.

Kada kuma ka tambaye shi abin da ya rubuta. Da gangan ake sa takardar ta tafi kai tsaye, don mai shaida ya faɗi gaskiya ba kunya, masu karantawa kuma su yarda da ita. In ya nuna maka da kansa, to. In bai nuna ba, kada ka ce "na ga irin yabon da ka yi mini" alhali ba ka gani ba. Ka gode wa lokacinsa da amincewarsa.

Tunda ya girme ka kuma makaranta ɗaya kuke, WhatsApp kaɗai bai wadatar ba. Gobe ka same shi a ofishin malamai, ka gaishe shi, ka maimaita godiyar baki da baki. Minti biyu ya isa, kuma ka zaɓi lokacin da ba kowa, ba lallai ne yana son sauran malamai su san ya rubuta maka ba, balle su yi masa layi.

Saura saƙo na biyu, ranar da sakamako ya fito. In an dace, ya ji daga bakinka kafin ya gani a sitatus. In ba a dace ba, nan ma ka faɗa masa, ko da layi biyu ne. Idan za ka sake nema baɗi, ko a wata jami'ar, ka nemi izininsa sabo kafin ka rubuta sunansa, ka ba shi aƙalla mako biyu kafin ranar rufewa.