An sauke min bidiyo kan bayanin ƙasansa: me zan rubuta a ɗaukaka ƙara?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗora a YouTube bidiyon yadda na yi lissafin kiwon kaji 100 na nama, daga sayen 'yan tsaki har sayarwa. Jiya aka sauke shi, wai bayanin da na rubuta a ƙasansa yaudara ne, alhali duk abin da na rubuta yana cikin bidiyon. Ga hoton saƙon da na bayanin. Me zan rubuta musu su dawo min da shi?"

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, kada ka goge bidiyon daga YouTube Studio, kada kuma ka sake ɗora shi da wani suna. Gogewa ba ta cire hukuncin, ƙofar ɗaukaka ƙara kawai take rufe maka. Sake ɗorawa kuma na iya jawo maka hukunci na biyu a kan abu ɗaya. Ka kuma sani cewa sau ɗaya ake ɗaukaka ƙara a kan kowane hukunci, don haka kada ka rubuta shi da zafin rai.

Na duba hotunanka. Gargaɗi ne aka ba ka, ba hukuncin da ya fi shi tsanani da ake kira strike ba, wato har yanzu kana iya ɗora bidiyo. Da strike ne na farko, da an hana ka ɗorawa na mako guda, kuma zai zauna a kan tashar kwana 90. Uku a cikin kwana 90 su ne ke rufe tasha. Dokar da aka kama ka da ita tana ƙarƙashin "Spam, deceptive practices and scams", ɓangaren da ya hana a yi amfani da take, ko hoton gaba, ko bayani, a sa mai kallo ya zaci zai ga abin da babu shi a bidiyon. Wannan ita ce tambayar da mai duba ƙararka zai amsa: abin da aka yi alkawari a rubuce, yana ciki ko ba ya ciki? Duk maganar da ba ta taimaka masa ya amsa ta ba, cika wuri ce.

Na sha taya masu ƙananan tashoshi rubuta irin wannan saƙo, kuma rubutun farko da suke kawo min kusan iri ɗaya ne: ku yi min rai, da wannan tashar nake ciyar da iyali, ban taɓa karya doka ba, maƙiya ne suka kai ƙarata. Wataƙila duk gaskiya ne, amma babu ɗaya a ciki da mai dubawa zai iya tabbatarwa daga inda yake zaune. Abin da zai iya yi shi ne ya buɗe bidiyon, ya ja shi zuwa mintin da ka ambata, ya gani da idonsa. To ka ba shi mintocin.

Bayaninka layi huɗu ne, mu bi masu matsalar. Na farko: "Yadda na samu ribar naira 85,000 a kaji 100 cikin sati shida." Ni da kai mun san lissafin kiwo ne. Amma adadin kuɗi, da gajeren lokaci, da mahaɗin WhatsApp a layi na uku, idan suka haɗu wuri ɗaya, sun yi kama da tallan 'yan damfara masu alkawarin arziki dare ɗaya. Zato na ke nan a kan abin da ya jawo, kuma nan ƙararka za ta tsaya. Ka buɗe ainihin fayil ɗin da ke wayarka ko kwamfutarka, ka nemo inda littafin lissafin ya fito a fili, inda ka faɗi kuɗin abinci da allurar rigakafi, inda ka faɗi kaji nawa suka mutu, da inda ka cire jari daga ciniki. Ka rubuta minti da sakan na kowanne. Wurin da ka ambaci mace-macen kajin kada ka tsallake shi, domin mai damfara ba ya lissafa asara.

Layi na huɗu kuma, gaskiya sai na faɗa maka, yana da ɗan rauni. Ka jera "kiwon kaji, kiwon kifi, kiwon zomo, sana'ar gida". Idan ba ka yi maganar kifi da zomo a bidiyon ba, to ba za ka ce komai na bayanin yana ciki ba. Jera kalmomin bincike a cikin bayani abu ne da dokar ta ambata a fili. Gurbinsu shi ne akwatin Tags, inda ake sa kalmomin bincike idan ana ɗora bidiyo. Naka huɗu ne kacal, ba tarin da aka saba gani ba, amma kada ka yi kamar babu su, don mai dubawa zai gan su. Jimla ɗaya ta isa: ka ce su ne batutuwan tashar, kuma za ka cire su.

Ga yadda zan rubuta, mintocin misali ne, ka sa naka:

"Ina neman a sake duba wannan bidiyon. Darasin kiwon kaji ne da Hausa, kuma bayaninsa ya dace da abin da ke ciki. Layin farko na nufin: ribar da na samu a kaji 100 cikin sati shida. A 02:10 na nuna kuɗin 'yan tsaki da abinci, a 06:45 na faɗi kajin da suka mutu, a 09:30 littafin lissafin ya fito da ribar naira 85,000. Ban yi wa kowa alkawarin samun kuɗi ba, ban nemi a turo min kuɗi ba. Mahaɗin WhatsApp na zauren tambayoyin kiwo ne, kyauta, na ambace shi a 11:05. Kalmomin ƙarshe batutuwan tashar ne, zan cire waɗanda ba su shafi wannan bidiyon ba."

Iyakarsa ke nan. Akwatin rubutun ma ba ya ɗaukar doguwar wasiƙa. Ka mayar da shi Turanci mai sauƙi, ko ka ba wanda ya iya ya mayar maka, sannan ka karanta ka tabbatar lambobin ba su canja ba. Kada ka ɗauka cewa wanda ƙarar za ta faɗa hannunsa yana jin Hausa, shi ya sa na sa ma'anar layin farko a ciki, kuma shi ya sa wuraren da ake ganin abu a allo suka fi wuraren da magana kawai ka yi. Maganar zauren nan kuma, idan kana karɓar kuɗin shiga, kada ka rubuta kyauta. Ka faɗi yadda yake.

Wurin turawa: a kwamfuta ka shiga YouTube Studio, a shafin Dashboard za ka ga katin Channel violations, ka danna Appeal. Akwai wa'adi, kada ka bar shi ya kwana da yawa. Amsa ta imel take zuwa. Ko a dawo da bidiyon a cire gargaɗin, ko a dawo da shi da iyakar shekarun masu kallo, ko a bar hukuncin yadda yake. Masu shigo maka ta saƙon sirri suna cewa sun san wani a ciki, ka kawo kuɗi ko kalmar sirrinka, ka toshe su. Ɗaukaka ƙara kyauta ne.

Idan aka ƙi, wasu kan yi wa TeamYouTube, shafin taimako na YouTube, magana a X da mahaɗin bidiyon da taƙaitaccen bayani, ba laifi ka gwada. Akwai kuma ɗan horon dokoki da aka fito da shi a 2023: wanda ya yi shi, gargaɗinsa kan faɗi bayan kwana 90 muddin bai sake taka wannan dokar ba. Ni dai ƙara nake sa a fara turawa, horon ya biyo baya in ta ƙi. Yayin da kake jira, ka bi tsofaffin bidiyoyinka ka share jerin kalmomin nan daga bayanansu, musamman idan kwafa kake yi daga wannan zuwa wancan.