Darajar Ragowar Shinkafa Bayan Farashi Ya Yi Ta Hawa

"Ina sayar da shinkafa. Na sari buhu 100 a kan naira 50,000, sai 60 a kan 60,000, sai 40 a kan 70,000. Saura 50. Da matsakaicin farashi, nawa zan rubuta darajarsu?"

Alhaji, kada ka haɗa farashi ukun ka raba uku. Hakan zai ba ka 60,000, alhali rabin kayanka tun da araha ka saro su. Kowane farashi sai an ninka shi da yawan buhunansa. Duka ka kashe naira 11,400,000 a kan buhu 200, wato kowane buhu ya tsaya maka 57,000. Buhu 50 kuwa sun kama 2,850,000. Idan ka shigo shekarar da ragowar bara, ka sa ta cikin lissafin, da kuɗin mota da na dako.

Abin da ya fi damuna shi ne, 57,000 ba za ta sake saro maka buhu ba yau. Wani ɓangare na ribar da littafi ya nuna kuɗin mayar da kaya rumbu ne, kada ka cinye shi.

Buhun da ruwa ya taɓa kuma, idan kuɗin da zai kawo bai kai 57,000 ba, shi za ka rubuta.